Surukina zai sauka a gidana kafin ya wuce Umra: yaya ake tarba, yaya ake sallama?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum iyaye da yayye na wannan zaure. Baban maiɗakina zai taso daga Gusau ranar Talata a motar haya, zai sauka tashar Kawo a nan Kaduna. Kwana biyu zai yi a wurina, Alhamis da safe in kai shi Rigasa ya hau jirgin ƙasa zuwa Abuja, daga can zai tashi Umra. Wannan ne karo na farko da zai kwana a gidana. Ni dai iyakata "sannu da zuwa" da "Allah ya kiyaye hanya". Ina so a jero mini abin da ake cewa, da lokacin da ake cewa, kada in yi abin kunya gaban dattijo.

Malam Sani Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Abban Hanifa, fara da sanin cewa gaisuwar mai zuwa daga tafiya ba lokaci ɗaya ake juye ta ba. Hawa uku ce, kuma mafi yawan kuskure daga haɗe su wuri ɗaya yake fitowa.

Ta farko a tasha ce, kuma gajeriya ce. Yana saukowa daga mota ka riga shi magana: "Barka da zuwa Baba, an zo lafiya?" Zai ce "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Ka ƙara "Ya hanya?" ka tsaya nan. Hannunka ya tafi kan jakarsa tun kafin ya gama amsawa. Kada ka tsaya jero masa tambayar mutanen gida a tsakiyar Kawo, 'yan kamasho na ihu, masu Keke na jan rigarsa, shi kuma ƙafafunsa sun sage da zaman mota tun daga Tsafe da Funtuwa da Zariya. Duk abin da ka tambaya a nan sai ka sake tambaya a gida, ka ga an yi aikin banza.

Ta biyu ita ce gaisuwar gaske, kuma ba a yin ta sai baƙo ya zauna ya sha ruwa. A shimfiɗa masa, a kawo ruwa, ya sha, a nuna masa makewayi da buta, in lokacin salla ya yi ko yana da wadda ya jinkirta a hanya a shimfiɗa darduma. Bayan nan ne za ka dawo ka zauna ƙasa da inda yake zaune, ka sake gaisuwa daga farko kamar ba ku haɗu a tasha ba. Jerin shi ne: an zo lafiya, ya hanya, ya gajiya, ya aka baro su Inna, ya sauran mutanen gida, ya mutanen Gusau. Daga na kusa zuwa na nesa. Idan ya ce "Duk suna gaishe ku," amsarka "Muna amsawa." Sannan ka yi shiru, domin yanzu layinsa ne. Zai ce "Mun same ku lafiya?" ya tambayi aiki da yara. Kada ka katse shi.

Ta uku washegari da safe, ita ce ban gajiya: "Barka da asuba Baba, ya gajiyar hanya?" Ya ce "Gajiya ta bi lafiya." Wannan ita ce samari suka fi mantawa, su yi ina kwana kawai su fice aiki.

Nasiru Kawo:
Malam ya gama magana. Abin da zan ƙara, idan ya sauko ka rungume shi, sunna ce ga wanda ya dawo daga tafiya. Kuma ka karanta masa Astaudi'ullaha dinaka a wurin.

Malam Sani Tudun Wada:
Nasiru, rabi ka kama. Batun runguma yana da asali, an ruwaito daga Anas cewa sahabbai in sun haɗu musafaha suke yi, in sun dawo daga tafiya su rungumi juna. Amma ka duba Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure, ya ce Imamu Malik ya karhanta runguma, Ibn Uyaina ya halatta. Wato ba abin da za ka tilasta wa dattijon Zamfara ba ne a tsakiyar tasha. Suruki ma ba ka riga shi miƙa hannu ba. In ya miƙo, ka karɓa da hannu biyu. In ya jawo ka jikinsa, ka bi. Shi ke ja, kai ke bi.

Astaudi'ullaha kuwa ba ta tarba ba ce sam. Ma'anarta "na ba Allah ajiyar addininka da amanarka da ƙarshen ayyukanka." Ajiya ake bayarwa lokacin rabuwa. Ka karanta wa wanda ya iso yanzu, kamar ka ce masa ya juya ne.

Nasiru Kawo:
To Malam, na karɓi gyara a kan addu'ar. Amma rungumar ina nan kan bakata.

Hajiya Maman Zara:
Ɗana Abban Hanifa, ga ɓangaren cikin gida da maza ba su cika lura da shi ba. Mai kawo ruwan nan matarka ce, 'yarsa, ba kai ba, ba kuma yaron maƙwabta ba. Ita ce za ta fito da "Maraba lale, Baba, sannunku da hanya," ta karɓi ƙananan kaya. Ruwa kada ya zama mai ƙanƙara sosai ga tsohon da ya sha rana, a kawo na randa ko a sirka. In akwai fura ko kunun zaƙi a biyo da shi, abinci mai nauyi sai ya yi salla ya miƙe ƙafa.

Bayan ka yi gaisuwarka ta zaune, ka tashi ka ba su wuri. Uba da 'ya suna da tasu gaisuwar da ba za ta fito ba kana zaune. Kuma kada ka sa hannu a kwano ɗaya da shi ko ya ce bismilla. Ka ce "Alhamdu lillahi Baba, a ci lafiya." In ya matsa har sau uku, wannan kuma tsakaninku.

Tambayoyi biyu ka kama bakinka daga gare su a ranar farko. Kada ka ce "Kwana nawa za a yi?" ko "Yaushe ne komawa?" ko da niyyarka shirin tikiti ne. Kunnen baƙo kora yake ji. Tunda ka riga ka san Alhamis ce, in akwai abin tabbatarwa matarka ta tambaya da dare. Na biyu, kada ka ce "Lafiya dai?" da sigar mamaki. Wannan ta wanda ya faɗo ba sanarwa ce.

Tsaraba kuma ba ka tambaya. Hanifa ce ke da wannan hurumin, jika da kaka akwai wasa, ta ce "Ina tsarabata?" ya ce ya fasa auren, a yi dariya. In ya miƙo maka ƙulli ka karɓa da hannu biyu ka ce "An gode, Allah ya ƙara girma," kada ka kwance a gabansa.

Baba Audu Direba:
Maganar "ya hanya" a wannan layi na Gusau ba gaisuwar baki ba ce kawai yanzu, ku saurari amsar da kyau. In ya ce "Lafiya lau" shi ke nan. In ya ce "To, alhamdu lillahi dai" ko "Hanya sai godiya," akwai abin da ya faru: ko taya ta fashe, ko an tsaya an jira hanya ta buɗe, ko sun wuce inda aka yi haɗari. A nan gaisuwa takan canza. Sai ka ce "Barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba." Kada ka tsare shi da tambayar yadda aka yi, in ya huta da kansa zai ba da labari.

Kuma ku bambance waɗannan biyun, yara suna cakuɗa su kullum a tasha. "Allah ya kiyaye hanya" ta mai shirin tafiya ce. "Allah ya kiyaye gaba" ta wanda wani abu ya riga ya sama ce, jaje ce. Ka ce wa mai hawa mota Allah ya kiyaye gaba, in mai camfi ne sai gabansa ya faɗi.

Abu na ƙarshe, ka riga motar isa tasha. Ka kira shi ko direban in sun bar Zariya, daga nan kilomita wajen 80 ne, ka ga kana da kamar awa ɗaya ko fiye, gwargwadon yanayin hanya. Dattijo ya sauka ya tsaya da jaka yana neman lambarka a waya, duk barka da zuwan da za ka yi bayan nan ta riga ta yi sanyi.

Ummu Khalid:
Ni tambayata, shin "sannu da zuwa" rashin ladabi ne ga babba? A gidanmu ita ake cewa kowa, har kakanni.

Malam Sani Tudun Wada:
Ba rashin ladabi ba ne, Ummu Khalid. Abin da ke ɗauke da ladabin shi ne jam'i: "Sannunku da zuwa," "Kun zo lafiya?" ko a ɓoye mai aikin gaba ɗaya a ce "An zo lafiya?" Wanda zai yi kaushi shi ne "Ka zo lafiya?" ga suruki. Barka dai ta fi nauyi a kunnen mutane da yawa, shi ya sa na zaɓa masa ita.

Hajiya Maman Zara:
Malam, a nan ban bi ka duka ba. A bakin mata "sannunku da hanya" ta fi barka ɗumi, domin sannu tana ɗauke da tausayin wahalar da aka sha. Barka ta fi kama da ta zaure da fada.

Abban Hanifa:
Na gode ƙwarai. To ranar tafiyar fa? A Rigasa zan yi duk addu'o'in?

Malam Sani Tudun Wada:
A'a. Kamar yadda gaisuwar gaske ba a tasha take ba, haka sallamar gaske. Ka yi ta daren Laraba bayan isha'i, a zaune, matarka tana wurin. A nan ne za ka ce "Baba, Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya sa karɓaɓɓiya ce. A saka mu a addu'a." A nan ne kuma mai tafiya ƙasa mai tsarki yakan nemi gafara, ya ce a yafe masa. Ka shirya amsa, domin mutane da yawa sukan daburce su yi shiru ko su ce "ba komai" kawai. Amsar ita ce "Ba ku yi mana komai ba Baba, mu ne za mu nemi gafara. Allah ya yafe mana baki ɗaya." In akwai guzurin da za ka ba shi, kuɗi ne ko kilishi ko dambun nama, a daren za a ba shi ya san inda zai sa, ba a bakin tasha gaban jama'a ba.

Da safe a ƙofar gida ko a bakin tasha sai addu'ar ajiya. Abdullahi ɗan Umar yakan ce wa mai shirin tafiya ya matso ya yi masa sallama irin wadda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yake yi musu, sai ya ce: Astaudi'ullaha dinaka wa amanataka wa khawatima amalika. Tana cikin Abu Dawuda da Tirmizi. Mai zama ne yake faɗinta. Mai tafiya kuma nasa shi ne: Astaudi'ukumullahal lazi la tadi'u wada'i'uhu, wato na ba da ajiyarku ga Allah wanda ajiyarsa ba ta ɓata. Kowa da nasa, ba maimaita na juna ake yi ba.

Ga inda ake tuntuɓe. Ƙarshen kalmomin yana canzawa da wanda ake yi wa. Namiji ɗaya: dinaka, amanataka, amalika. Mace: dinaki, amanataki, amaliki. Jama'a: dinakum, amanatakum, khawatima a'amalikum. In da Inna zai tafi, ta jam'i za ka yi. In ka ga harshenka zai harɗe, ka faɗe ta da Hausa, ma'anar ce ake so, kuma dattijo zai fi jin daɗin Hausa tsaf a kan Larabci mai karyewa.

Akwai ta biyu da ta dace da mai Umra: Zawwadakallahut takwa, wa gafara zanbaka, wa yassara lakal khaira haisu ma kunta. Allah ya yi maka guzurin taƙawa, ya gafarta zunubinka, ya sauƙaƙe maka alheri duk inda kake. Wani mutum ne ya zo wurin Annabi ya ce zai yi tafiya a yi masa guzuri, aka ba shi ta farko, ya ce a ƙara, aka ba shi ta biyu, ya sake cewa a ƙara, aka ba shi ta uku.

Nasiru Kawo:
Sai kuma ka karanta masa Subhanallazi sakhkhara lana haza, ko?

Malam Sani Tudun Wada:
Wannan ta mai hawa ce, ba ta mai rakiya ba. Shi zai karanta in ya zauna a kujerarsa, bayan kabbara uku, ayoyi na 13 da 14 na Suratuz Zukhruf ne. Kai ma za ka karanta taka in ka hau motar da za ta kai ku Rigasa, amma ba ka karanta wa wani ita.

Ladi Sabon Tasha:
Ina bin zancen da sha'awa. Mu ma a gidajen Kirista na wannan ɓangare kusan duk jerin nan ɗaya ne, ruwa kafin gaisuwa, ban gajiya da safe, "a gai da mutanen gida" a amsa "za su ji." Inda muka bambanta, kafin a fita babban gida yakan tara kowa a tsaye ya yi addu'a, sau da yawa da Zabura 121, inda aka ce Ubangiji zai kiyaye fitarka da shigarka. Abin da nake so in ja hankali a kai shi ne wata kalma: ga mace matafiya ku ce "A sauka lafiya" ko "Allah ya kai ki lafiya." "Allah ya sauke ki lafiya" ta mai juna biyu ce. Ka faɗa wa budurwa a bakin mota a tashar Television, duk motar za ta juyo ta dube ta.

Hajiya Maman Zara:
Ladi kin taɓo wajen. Haka "sai wata rana", kada ka ce wa mai tafiya Umra, musamman tsoho. Tana da ƙanshin rabuwa mai tsawo. Ka ce "Sai kun dawo," ya ce "In Allah ya yarda." Su "Allah ya raka taki gona" da "Umma ta gai da Aisha" kuwa ba sai na faɗa ba, na kora ne, amma na ji yara suna yi wa juna a matsayin wasa, kada harshe ya saba.

Baba Audu Direba:
Game da Rigasa. Mai rakiya iyakarsa inda ake duba tikiti da kaya, kuma wurin akwai turereniya, ba za ka samu natsuwar doguwar addu'a ba. Shi ya sa maganar Malam ta daren Laraba daidai ce. Ku isa da wuri, ka riƙe jakar har inda za a tsayar da kai, ka tabbata tikiti da katin shaida suna aljihun gaba ba cikin jaka ba. Ka tambaye shi Kubwa zai sauka ko Idu, ka faɗa wa mai tarbarsa a can, domin tashoshi biyu ne daban kuma ana yawan saɓani a kansu. Sannan ka yi addu'arka gajeriya, kada ka juya baya sai ya shige ka daina hango shi. Mai rakiya ba ya riga baƙo tafiya.

A tashar mota ma haka ne. In ka sa mutum a mota lodi bai cika ba, ladabi shi ne ka tsaya. In ba za ka iya ba, ka nemi izini: "Baba zan koma, Allah ya tsare hanya." Shi zai ce "Ka koma haka nan, an gode da rakiya." Galibi ma shi zai fara sallamarka, amma na farko ba a karɓa, sai ya maimaita.

Sadiya Malali:
Ni ina ganin ya ɗauki hoto da Baba a tasha ya ɗora a shafinsa, jama'a su yi ta addu'a. Addu'ar mutum ɗari ta fi ta mutum ɗaya.

Baba Audu Direba:
'Yata, a'a. Tun harin jirgin ƙasan nan na 28 ga Maris 2022 ya kamata kowa ya koyi wannan, balle ga mutumin da zai koma Zamfara ta mota. Ba a shelanta ranar tafiyar mutum da hanyar da zai bi. In za a ɗora, sai ya sauka.

Sadiya Malali:
To ai Baba Audu, su alhazai da ake raka su sansanin Mando da motoci cike da dangi, wannan ba shela ba ce?

Baba Audu Direba:
Dangi ne suka sani, ba duniya ba. Da bambanci.

Ummu Khalid:
Malam, "a saka mu a addu'a" fa? Na ji wani yana cewa hadisin da aka ce Annabi ya ce wa Sayyidina Umar kada ya manta da shi a addu'a lokacin da zai tafi Umra bai inganta ba.

Malam Sani Tudun Wada:
Hadisin yana cikin Abu Dawuda da Tirmizi, kuma gaskiya ne wasu malaman hadisi sun raunana shi saboda wani mai ruwaya a cikinsa. Amma akwai wani daga Abu Huraira da ya lissafa addu'ar matafiyi cikin uku da ake amsawa, tare da ta wanda aka zalunta da ta mahaifi. Neman addu'ar mai tafiya bai rataya a kan na farkon kaɗai ba. Abin da ba shi da kyau shi ne a ɗora wa tsoho jerin buƙatu da saƙon sayayya, wannan ya ce jallabiya, wancan ya ce dabino. Jimla ɗaya ta isa.

Abban Hanifa:
Saura abu ɗaya. In ya isa Abuja, ni zan kira ko shi zai kira? Kuma durƙusawa fa, in yi ko in bari? Maiɗakina ta ce a gidansu har ƙasa ake kaiwa.

Hajiya Maman Zara:
Kai za ka kira. Tsakanin sa'o'i mai tafiya ne ke cewa na sauka, amma babba ba ya kawo rahoto ga ƙarami. Ka ƙiyasta lokacin isar jirgin, ka ƙara kamar rabin awa ya fita daga cunkoso, sannan ka kira: "Baba an sauka lafiya? Ya gajiya?" Ka miƙa wa matarka. Durƙuso kuwa ka yi yadda gidansu suke yi.

Malam Sani Tudun Wada:
A kan kiran na yarda da Hajiya. A kan durƙuso ina da ja. Akwai hadisin Anas a Tirmizi da aka tambaya ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, aka ce a'a. Shi ya sa na ce ka zauna ƙasa da shi ka gaishe shi a zaune. Ka girmama shi, ba ka kuma yi siffar ruku'u ba.

Hajiya Maman Zara:
Malam, a ɗaki wannan ya yi. A Kawo fa, a ina zai zauna? In ya tsaya ƙiƙam kamar soja, labarin zai riga shi isa Gusau.

Nasiru Kawo:
Shi ya sa na ce a rungume shi a huta.

Abban Hanifa:
Nasiru rufa mini asiri. Zan sunkuya in ɗauki jakar ina gaisuwa, kowa ya fassara yadda ya ga dama. Baba Audu, in sun taso da hantsi, wajen ƙarfe nawa zan fara kiran direban?

Baba Audu Direba:
Kada ka bi agogo, ka bi gari. Ka ce ya yi maka filashin in sun shigo Funtuwa, ka sake kira in sun bar Zariya, sannan ka fito.